Gugan Ciyaman Yamusa

A shekarar da gwamnati ta yi wa ma'aikata ƙarin albashi, wanda ba ya cin albashi ma sai da ƙarin ya iske shi, amma ta bakin kasuwa. Gishiri ya hau, kananzir ya hau, har allura da zare suka hau. A shekarar ce kuma rijiyar Unguwar Kanti, can gefen kasuwar Garki, ta fara cin kanta daga ciki.

Unguwar Kanti ba wata babbar unguwa ba ce. Akwai Hausawa 'yan tireda da masu sana'a, akwai ma'aikata biyu uku da aka turo daga tsohuwar Abuja, akwai manoma Gbagyi waɗanda unguwar ta tarar a wurin, sai kuma rugar Fulani a bayan dutse. Abinci kowa da nasa, salla da coci kowa da nasa, amma ruwa ɗaya suke sha. Saboda rijiyar nan aka kafa ƙungiyar mazauna unguwa, aka ɗora Malam Yamusa tela a kan kujerar ciyaman, don shi ne dattijon da in ya ce a'a, ko uwarsa ta taso daga kabari a'a ɗin ce.

Tun da kaka, Gwani Ɗan Azumi mai haƙar rijiya ya sauka ciki da igiya, ya fito yana karkaɗe ƙasa daga kansa. Ya ce ƙasan rijiyar yashi ne, ya riga ya yi kogo. In ba a ɗaure ta da zoben siminti kafin ruwan farko ba, za ta rufta, kuma ba mai sake tono ta a wurin. Nan aka yi mitin, aka yanke fam biyu kowane gida, ban da sule biyun da ake bayarwa duk wata. A lokacin naira ta riga ta shigo, amma bakin mutane bai bar fam da sule ba. Kowa ya ɗaga hannu, kowa ya ce ya yarda.

Kaka ta wuce, sanyi ya wuce, bazara ta shigo da zafinta. Hadari ya fara leƙowa daga gabas da yamma, yana komawa. Akwatin ƙungiya kuwa in ka girgiza shi, sai ka ji kamar tsakuwa uku a cikin gwangwani. Ga Ɗan Azumi ya aiko cewa an kira shi aiki Masaka, in kasuwa mai zuwa ta ci bai ga siminti a ƙasa ba, zai naɗe igiyarsa ya tafi.

Ran Lahadi bayan la'asar aka taru a gindin mangwaron bakin rijiya. Liman ya yi addu'a, Solomon malamin asibiti, wanda shi ne ma'aji, ya yi tasu. Malam Andrew na makarantar firamare, sakataren ƙungiya, ya karanta abin da aka tattauna a mitin ɗin baya, ba wanda ya saurare shi. Kawu mai shayi, ɗan dokar ƙungiya, yana bin waɗanda suka makara da tasa yana karɓar tarar sisi, suna ce masa ya rubuta bashi.

Malam Yamusa yana zaune yana kallonsu, ransa yana tafasa. Da aka ba shi fili ya miƙe, ya gyara hularsa, bai ko yi doguwar gaisuwa ba.

"Jama'a, salamu alaikum. Waɗanda suka zo, sannunku. Waɗanda suka aiko da uzuri, Allah ya ba su lafiyar da za su ɗebi ruwa gobe da safe, don na san a nan ba sa makara."

Aka yi 'yar dariya. Ya ɗaga hannu.

"Ba dariya na zo ba ku ba. Ranar da muka zauna a nan muka yanke fam biyu, buhun siminti a kantin Abuja fam ɗaya ne. Ni da ƙafata na je na tambayo. Na sake komawa bayan Salla, ya zama fam ɗaya da sule goma. Shekaranjiya na je, mai kanti ya dube ni ya ce fam biyu da sule biyar, kuma in na yi jinkiri in ji wani labarin. Rodi ya hau. Direban da zai kawo kayan ya ce taya ta yi tsada, shi ma ya hau. Igiyar guga ma da muke saya sule uku, je ka taya yanzu ka ji. Komai na hawa a garin nan sai abu ɗaya, akwatinmu. Shi kaɗai ne mai tawali'u, yana nan ƙasa inda muka bar shi."

Ya juya wajen Solomon. "Ma'aji, gida nawa suka biya?"

"Tara, ciyaman."

"Tara! Da nawa a ciki?"

"Da naka, ciyaman."

"To kun ji. Tara, a unguwar da in ana rabon goro sai a ƙirga gida arba'in. Ba a fafe gora ranar tafiya, na faɗa muku tun da kaka. Zoben nan ba waina ba ne da za a soya a ci nan take. Sai an zuba shi a ma'auni, a yi ta ba shi ruwa har ya yi ƙarfi, sannan a zura shi. Ku ɗaga kai ku dubi gabas. Hadarin can ba ya jiran albashin kowa."

Wani daga baya ya ce, "Ciyaman, ai zamanin ne ya yi tsada."

"Wa ya yi magana? Ɗanlami mahauci? Kai ne za ka gaya mini zamani ya yi tsada, kai da ka rage tsokar sule har sai an sa tabarau ake ganinta? Zamani ya yi tsada, amma na ga rediyo sabo a wuyan mutane. Zamani ya yi tsada, amma na ga keke mai ƙararrawa biyu. Malam Andrew, ina jin kekenka lafiya?"

Malam Andrew ya sunkuyar da kai yana gyara takardu. "Ciyaman, ariyas ɗin ƙarin albashin ne bai gama fitowa ba. Da ya fito..."

"Ariyas! Tun watan jiya nake jin sunan mutumin nan Ariyas, har yau bai zo ya gaishe ni ba. Shi ya saya maka keke, amma bai san hanyar rijiya ba. Kai kuma ma'aji, kana riƙe da makullin akwati, naka fam biyun yana ina?"

"Ina sane, oga ciyaman. Ƙarshen wata."

"Wane watan? Akwai wata goma sha biyu a shekara, kowanne da ƙarshensa."

Solomon ya yi murmushin dole. Malam Yamusa ya share gumi da bakin rigarsa. Maganar ta fara yi masa daɗi a baki, ita kuwa magana in ta yi daɗi, nan ne ya kamata mutum ya ja linzami. Bai ja ba. Ya juya gefen da manoman Gbagyi suke zaune a kan kututture, da dattijonsu Wakili a tsakiya, ga kuma Yero Bafulatani a tsugune nesa kaɗan, sandarsa a kafaɗa.

"Su waɗannan ma'aikatan ko ba komai suna yi mini ƙarya, ƙarya ma ai girmamawa ce, mutum ya san da kai. Amma Wakili, kai da mutanenka, gida goma sha wani abu, ko anini ban gani ba, ko uzuri ban ji ba. Bana doya ta yi, kowa ya shaida. Yero, kai ma haka. Matanku ne ke fara zura guga da asuba. Me na yi muku? Ni Yamusa, wa na taɓa ci wa haƙƙi a unguwar nan? Wane gida ne bai ci naman layyata ba bana? Wane gida ne ban aika wa doya ba, da Salla da Kirsimeti da suka zo tare? Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma ni kun bar mini jinkar da ɗakin gaba ɗaya."

Ya numfasa, sannan ya saki wadda ya kwana yana saƙawa.

"To ga hukunci, in kun yarda. Daga gobe, duk gidan da haƙƙin rijiyar nan yake wuyansa, gugansa ba zai shiga cikinta ba sai ya sauke. A rataye gugan a reshen mangwaron nan kowa ya gani. Mai gidan ya nufi rafi. Ko wane ne. Ko limami ne, ko ɗan sarki ne, ko ni ne. Wallahi ko ni ne. Kawu, ka ji aikinka. Waɗanda suka yarda su ɗaga hannu."

Gida taran da suka biya suka ɗaga da sauri. Sauran suka dubi juna, kunya ta sa suka ɗaga ɗaya bayan ɗaya, don wanda ya ƙi ɗagawa ya tona kansa. Abin da ya ba Malam Yamusa mamaki, Wakili da mutanensa duk sun ɗaga, har da Yero, ba ko ɗar. Malam Andrew ya rubuta cewa an zartar.

Sannan Wakili ya miƙe a hankali, ya cire hularsa ta saƙi. Tsoho ne mai sanyin magana, Hausarsa ta kasuwa ce, ba ruwanta da mace ko namiji.

"Ciyaman, ranka ya daɗe. Hukunci ya yi kyau, mun ɗaga hannu. Amma maganar da ka yi a kanmu, ban gane shi ba. Mu ai mun biya tun doya yana sabo."

"Kun biya wa?"

"Mun kawo wa ma'aji. Ya ce akwati ba ya cin doya, mu kai wa ciyaman."

Malam Yamusa ya waiwaya. Solomon ya gyara zama. "E, an yi haka. Sun zo mini da doya har ƙofar asibiti. Ni ina zan sa doya, cikin kwalbar magani? Na ce su kai maka, kai ka san 'yan lori masu saye. Na ɗauka in ka sayar za ka kawo kuɗin in ba su rasit."

"Ka ɗauka! Ka gaya mini?"

"Ban so in yi kamar ina bin ka bashi ba, oga."

Wakili ya ci gaba, ba tare da ya ɗaga murya ba. "A wajenmu, abin da gari ya haɗa, gidan babba ake kai shi. Shi zai ajiye har ranan aiki. Ba a tsaya a ƙofan babba a ce masa ga kaza na kaza, kamar ba a yarda da shi ba. Kowane gida ya ware doya na fam biyu, manya manya. Matanmu suka kawo. Hannah matata ce ta shiga gaba. Ka fito da kanka, ka ce Allah ya yi albarka. Suka dawo suka ce ciyaman ya karɓa."

Nan fa ƙasa ta fara juya wa Malam Yamusa. Ya tuna safiyar sarai. Mata a jere, kowace da ƙwarya a kafaɗa yadda matan Gbagyi ke ɗaukar kaya, suna sauke doya a zaurensa har ta kai rabin bango. Sun durƙusa sun gaishe shi, shi kuma ya sa albarka. A ransa ya ce mutanen nan sun san girma, don bai daɗe da raba su rigimar iyakar gona da wani ɗan tireda ba. A inda ya tashi, abin da aka sauke a zauren dattijo ba a faɗi sunansa ba, gaisuwa ce. Ita kuwa gaisuwa ba a tambayar dalilinta, kuma ba a cinye ta a ɗaki ɗaya. Ya sa aka yi ta rabo gida gida.

Ya dubi Yero, yana fatan ko nan zai tsira.

"Yero, kai fa?"

Yero ya daɗe yana zane ƙasa da tsinke. Shi mutum ne da in za a kashe shi ba zai ce ya ba wani abu ba. Da kyar ya ce, "Baffa, ba komai."

"Ban tambaye ka komai ko ba komai ba. Ragon nan da ka ɗaure mini a ƙofar gida ana jibi Salla, na mene ne?"

"Na rugarmu ne gaba ɗaya, Baffa. Gida huɗu. Muka ce rago ya fi takarda." Ya ƙara sunkuyar da kai. "Da na ga an yanka, na ce Baffa ya saya wa kansa ne, ya zuba kuɗin a akwati. Ai ba a tambayar babba."

Wurin ya yi tsit, har ana jin faɗuwar ƙasa cikin rijiya, ɗan kaɗan ɗan kaɗan, tsulum. Sai Ɗanlami mahauci, wanda shi ya feɗe ragon, ya kasa riƙe cikinsa.

"Liman, don Allah a ba mu fatawa. Layyar bana ta ciyaman ce ko ta rijiya?"

Dariya ta ɓarke. Liman ya rufe baki da carbi yana cewa a bari, a bari. Wata tsohuwa daga gefen mata ta ce, "Ashe laifi tudu ne." Ba ta ƙarasa ba, kowa ya san sauran.

Malam Yamusa bai yi dariya ba, bai kuma zauna ba. Haushi ne ya cika shi har wuya, ga shi ba shi da wanda zai sauke wa. Ya so ya kama Solomon, amma Solomon bai ci amana ba, shiru kawai ya yi. Ya so ya kama Wakili, amma Wakili al'adarsa ya bi. Shi ma kansa al'adarsa ya bi. Kowa ya girmama kowa, har aka girmama rijiya ta kusa rufta.

"Kun gama?" ya ce. "Wakili, ka yafe ni, na zage ka a bainar jama'a alhali kai ne mai gaskiya. Yero, kai ma. Malam Andrew, rubuta cewa gidajen Wakili da rugar Yero sun biya. Ma'aji, ka ba su rasit yau ɗin nan, kuma daga yau ko ƙwai aka kawo maka ka karɓa ka buɗe baki ka yi magana, Allah ya ba ka harshe. Doya da rago kuwa suna wuyana."

Liman ya ce, "Malam Yamusa, ai kuskure ne, ba da gangan ba. A sassauta."

"Rijiya ta san kuskure? In ta tashi ruftawa za ta tambayi niyya? Na ce ko ni ne. Magana zarar bunu ce, Liman. Kawu, je gidana ka ce wa Tabawa ta ba ka guga."

Kawu ya tsaya yana sosa ƙeya. "Ciyaman, ni in je in karɓi gugan Inna Tabawa? Ka aike ni ramin kura mana, ya fi sauƙi."

"Kai ne ɗan doka ko ni?"

Haka Kawu ya tafi, ya dawo da gugan roba baƙi da igiyarsa, kunnensa cike da abin da ya jiyo. Malam Yamusa ya karɓa da hannunsa ya rataye a reshen da ya fi fitowa fili. Sannan ya juyo.

"Saura na waɗanda ba su biya ba. Ban manta da ku ba. Kuma ku sani, doyar nan ban ci ta ni kaɗai ba. Malam Andrew, guda shida na aika maka, ka aiko yaro ya ce ta yi daɗin sakwara. Ma'aji, kai har cinya ka samu. Ba zan ce ku biya abin da na ba ku kyauta ba, ni na bayar, ni zan ɗauka. Amma ku kwana da sanin cewa wanda ya biya ya sha zagi, wanda bai biya ba ya ci doyarsa. Mitin ya tashi."

Kafin magariba reshen mangwaro ya yi 'ya'yan guga fiye da goma.

A gida kuwa Tabawa tana jiransa a tsakar gida, hannu a ƙugu. Matarsa ce tun ta ƙuruciya, ita kaɗai ce a Garki ba ta tsoron muryarsa.

"Malam, da ka tashi rantsuwarka, da ni ka yi shawara?"

"Ke ma ai kin ci doyar."

"Na ci. Na kuma ce maka doyar nan ta yi yawa a ce gaisuwa ce, ka ce mini ban san darajarka a garin nan ba. To ga daraja can a rataye a mangwaro. Ni dai gwiwata ba ta zuwa rafi. Wanda ya rantse shi ya san hanya."

'Ya'yansu duk sun yi aure sun bar gida. Washegari da sassafe ya ari garwa biyu da sanda wajen Kawu, ya saɓa a kafaɗa kamar ɗan ga-ruwa, ya nufi rafi. Rafin kuwa da bazara ya janye, sai an gangara kwari an tona yashi ruwa ya taru. Ya cika, ya hauro yana nishi, rabin ruwan yana zuba a ƙafarsa. Hanyar kuma, ko ya so ko bai so ba, ta gaban asibiti ta bi, ta wuce ƙofar makaranta, ta ratsa rumfar mahauta.

Sauran waɗanda aka rataye wa guga ba wanda ya je rafi. Wannan ya aiki ɗansa da gugan maƙwabci, wancan matarsa ta bi ta bayan gida da tulu wajen ƙawarta. Kawu yana gani yana kau da kai. Dattijon nan kaɗai ne ke hawa da sauka, gemu na ɗigar gumi.

Hannah matar Wakili ta kawo tulu cike ta ajiye a ƙofar gidan ciyaman. Ya sa aka mayar, ya ce a gaya mata ya gode, amma ruwan rijiya ne. Tabawa ta bi tulun da kallo kamar ta yi kuka. Yero ya tare shi a kwari zai karɓi sandar, tsohon ya daka masa tsawa. "Kai ka ci ragon? Sakar mini kayana!"

Solomon ne ya fara karyewa. Yana tsaye a barandar asibiti yana ba wata mata magani, sai ga ciyaman ya zo wucewa, ya yi tuntuɓe, garwa ɗaya ta kife. Tsohon ya tsaya yana kallon ruwan yana shiga ƙasa, sannan ya juya ya koma kwari. Matar ta dubi Solomon ta ce, "Malam, ba kai ne ka ci cinya ba?" Da yamma Solomon ya buɗe akwati ya saka fam biyunsa, ya ƙara ɗaya, ya rubuta wa kansa rasit. Malam Andrew ya biyo baya, ashe Ariyas ya san hanya. Ɗanlami ya kawo nasa yana gunaguni cewa tun da tsohon nan ya fara wucewa ta rumfarsa da garwa, masu sayen nama sun daina yi masa dariya. Wasu suka kawo rabi. Wasu, don kada a yi ƙarya, har yau ba su kawo ba.

Shi kuwa Malam Yamusa ya tura kekensa na hawa kasuwa, wanda ya yi shekaru yana goge shi da man gyaɗa, ya sayar wa wani ɗan Keffi. Da ya zo biyan doya, sai Solomon ya lissafa masa da farashin kaka. Ya ce a'a, da farashin yau za a lissafa, don da ya ajiye ta kamar yadda masu ita suka nufa, yau da ta ninka. Kuɗin keken ya rufe doya, ya ɗan taɓa rago, ya tsaya.

Ranar kasuwa aka tafi Abuja. Mai kanti ya ce fam biyu da sule goma.

"Makon jiya ka ce da sule biyar!"

"Makon jiya ke nan, Baba."

Malam Yamusa ya ɗaga kai sama, ya sauke, ya ce a loda abin da kuɗin ya saya. Bai kai yadda aka so ba. Ɗan Azumi ya ƙirga buhunan da ƙafa, ya tsuke baki, ya ce zai ɗaure ƙasa inda yashin yake, saman kuwa jar ƙasa ce, za ta iya jiran baɗi in Allah ya so. Bai naɗe igiyarsa ba. Mazan Gbagyi suka kwaso yashi da tsakuwa daga kwari ba a biya su ba, matan ruga suka riƙa shayar da zoben ruwa safe da yamma, Malam Andrew ya zo da riga mai guga yana ba da shawarar da ba wanda ya tambaye shi. Da zoben suka yi ƙarfi aka zura su ɗaya bisa ɗaya, ciyaman yana tsaye a baki yana yi wa masu riƙe igiya faɗa.

Ba a daɗe da zura na ƙarshe ba ruwan farko ya sauko, da rana tsaka, da iska da tsawa, har ya ɗauke rufin rumfar Kawu. Da ya ɗauke, unguwa ta fito ta kewaye rijiya. Ɗan Azumi ya leƙa, ya jefa tsakuwa, ya saurara. Bakin ya ɗan zaizaye ta gefe ɗaya, amma cikin yana nan daram.

Guga ɗaya ne ya rage a reshen mangwaro. Sauran, da waɗanda suka biya da waɗanda suka sace nasu da dare, duk sun sauka. Liman ya ce, "Malam Yamusa, don girman Allah sauke gugan nan haka. Rijiya ta tsaya."

"Saura fam uku na rago."

Yero ya ce, "Baffa, mun yafe."

"Ba naka ba ne da za ka yafe, na ƙungiya ne. Ka ga irin ta, ko? Da yafiya da kunya da ba komai kuka kusa binne mana rijiya."

Ana cikin haka sai ga Tabawa ta ratso mutane da tulunta. Ba ta dubi kowa ba. Ta miƙa hannu ta kamo gugan nan da ke rataye, wanda ruwan sama ya cika shi har baki, ta tuntsura shi cikin tulu, ta mayar da shi reshensa.

"Tabawa!"

"Wannan na rijiya ne? Na Allah ne. Ko shi ma ka rantse a kansa?"

Ta ɗauki tulunta ta wuce. Malam Yamusa ya bi ta da kallo. Da ya ga mutane suna ƙunshe dariya, sai ya juya kansu.

"Me kuke kallo? Saman rijiyar nan yana nan ba a ɗaure ba, siminti kuma ba sauka zai yi ba. Lahadi akwai mitin. Wanda zai kawo kuɗi ya kawo, wanda zai kawo doya ko akuya ya tsaya a gaban jama'a ya faɗi sunanta da babbar murya. Kawu, ina garwar nan? Kwari ya kawo ruwa, yau ba sai na tona ba."